Giraf ɗaya, amsa biyu: ni na samu 0.6, ƙawata ta samu 3

Ummi_SS2: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. Ban je makaranta ba ranar da aka raba takardar aikin gida, sai ƙawata ta ɗauko min hotonta a waya, ga shi nan na ɗora. Miƙaƙƙen layi ne a takardar giraf, an ce mu nemo giradiyan da intasef, sannan mu rubuta ikweshan ɗin layin. Ni na ƙirga ƙananan gidaje: in na matsa gida 10 zuwa dama, layin yana hawa gida 6, sai na ce giradiyan 0.6 ne. Layin kuma ya taɓa layin tsaye na gefen hagu a kan 7. Shi ne na rubuta y = 0.6x + 7. Ita kuma ta samu y = 3x + 7. Mun yi ta musu har kati ya ƙare. Wa ya yi daidai a cikinmu?

Danbaba_Kurna: Wa alaikumus salam. Ke ce daidai ƙanwata. Hawa bisa tafiya, shida bisa goma. Kuma ko da ido aka duba, layin nan bai miƙe sama ba, kwance-kwance yake. Layin da giradiyan ɗinsa ya kai 3 ai kamar tsani yake tsayuwa. Ki ce wa ƙawarki ta sake lissafi.

Hauwa_Zariya: Danbaba ka dubi lambobin da ke jikin layukan kuwa, ko layin kawai ka kalla?

Malam_Isa_Lissafi: Wa alaikumus salam Ummi. Kafin a ce wane ya ci, bari mu yi abin da nake sa ɗalibaina su fara yi: a ajiye layin gefe, a karanta lambobin gefe tukuna.

Zuƙo hoton ki dubi layin kwance na ƙasa, wato layin x. An rubuta 2, sai babban gida na gaba 3, sai 4, sai 5. Ke nan kowane babban gida ɗaya ne. A cikin babban gida akwai ƙananan gidaje 10, don haka ƙaramin gida a kwance 0.1 ne.

Yanzu koma layin tsaye. An rubuta 5, 10, 15, 20. A nan babban gida biyar ne ba ɗaya ba. Raba 5 gida 10, ƙaramin gida a tsaye ya zama 0.5.

To gidaje 10 da kika matsa dama, a lissafi 1 kika matsa. Gidaje 6 da kika hau kuwa, 6 sau 0.5, wato 3 kika hau. Uku bisa ɗaya, giradiyan 3 ne. Ƙirgarki ba ta da laifi, gidajen shida ne da gaske. Abin da ya faru shi ne kin ɗauka gidan kwance da gidan tsaye kuɗinsu ɗaya.

Danbaba_Kurna: Malam, to amma ai takardar giraf gidajenta daidai suke, milimita 2 ta kowane ɓangare.

Malam_Isa_Lissafi: A rula daidai suke. A lamba kuwa, wanda ya zana shi ke yanka wa kowane gida farashinsa. Ba ka tuna yadda tambayoyin WAEC suke cewa a yi amfani da santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 a layin y? Irin wannan sikel ɗin ne a hoton nan. Da an zana shi da sikel iri ɗaya, da layin ya tsaya kamar tsanin da kake faɗa, amma sai takardar ta kai santimita 40 a tsawo kafin ta ɗauki 20.

Ummi_SS2: Na gane Malam, na gode. Ke nan ƙawata ce ta ci, y = 3x + 7.

Hauwa_Zariya: Tsaya tukuna Ummi, kar ki kwafa. Ita ma ba ta ci ba. Gwada amsarta da kanki. Akwai wuri ɗaya a hoton da layin ya ratsa daidai mahaɗar manyan layuka biyu, ba sai an matse ido ba: saitin 2 a ƙasa, saitin 10 a gefe. Saka x = 2 a ikweshan ɗinta: 3 sau 2 shida, a ƙara 7, an samu 13. Giraf kuma 10 ya nuna. Naki ma in an saka, 8.2 ake samu. Duk biyun ba su bi ta kan layin ba.

Abba_Jos: To ina matsalar take? Ni ma na zuƙo, a kan 7 ya taɓa. Na ƙirga, gida huɗu sama da 5.

Hauwa_Zariya: A kan 7 ya taɓa, ba musu. Amma wane layi ya taɓa? Ku dubi kusurwar ƙasa ta hagu, babban yatsan wadda ta ɗauki hoton ya rufe lambar da ke wurin. Lamba ta farko da ake gani ita ce 2, kuma tsakaninta da kusurwar babban gida ɗaya ne tak. In 2 na nan, gida ɗaya baya me ke nan? Ɗaya. Wato layin tsayen nan a kan x = 1 aka zana shi, ba a kan sifili ba. Shi kuwa c ɗin da ke cikin y = mx + c, tsawon layin ne a inda x ya zama 0. Wannan wurin ma ba ya cikin hoton.

Abba_Jos: Kai! Wallahi ban lura ba sam.

Malam_Isa_Lissafi: Madalla Hauwa, idonki ya riga nawa, ina cikin rubutawa kika tura. Ummi, ga yadda za ki ƙarasa, kuma wannan hanyar ba ta damu da inda aka fara zanen ba.

Ɗauki wurare biyu a kan layin waɗanda kika tabbata da su. Na farko wanda Hauwa ta nuna, (2, 10). Na biyu can gefen dama, saitin 5, layin yana gida biyu ƙasa da 20, wato 19. Ke nan (5, 19).

```
m = (19 - 10) / (5 - 2) = 9 / 3 = 3
y = 3x + c
10 = 3(2) + c
c = 4
```

Ikweshan ɗin y = 3x + 4 ne. Sai ki gwada da wuri na uku da ba ki yi amfani da shi ba. Ga 7 ɗinku nan ya yi rana: a x = 1, 3 da 4 bakwai. Ya hau daidai.

In kina so ki gan shi da ido ma, ki tuna duk tafiyar 1 zuwa dama layin yana ƙara 3. To tafiyar 1 zuwa hagu zai rage 3. Daga 7 a x = 1, koma baya taki ɗaya, kin sauka a 4.

Ummi_SS2: Allah ya saka da alheri Malam, Anti Hauwa na gode sosai. Tambaya ɗaya: me ya sa Malam ya je har 5? Da (1, 7) da (2, 10) ai sun fi kusa, lissafin ma ya fi sauƙi.

Injiniya_Bash: Bari in karɓi wannan, Malam ya huta. A nan ɗin su ma za su ba ki 3, domin kin yi sa'a duk biyun sun faɗi a kan mahaɗa. Amma ki saba da nisantawa, musamman da yake daga hoto kike karantawa. Layin fensir a hoton waya yakan yi kaurin da ya kusa cinye ƙaramin gida guda, kuma gida guda a tsaye a nan 0.5 ne.

A ce kin ɗauki x = 1 da x = 1.2. Na farko 7. Na biyu asalinsa 7.6, amma ba wanda zai iya ganin 7.6 a hoton nan. In kika ce 7.5, hawa 0.5 bisa tafiya 0.2, kin samu 2.5. In kika ce 8, kin samu 5. Dubi yadda ɗan kuskuren da bai kai gida guda ba ya jefa ki.

Yanzu a ce kin ɗauki x = 1 da x = 5, kuma kin yi kuskuren gida guda cur, kin karanta 19.5 maimakon 19. Hawa 12.5 bisa 4, an samu 3.125. Kuskuren ya fi na farko girma, amma amsar ta tsaya kusa da gaskiya, saboda doguwar tafiya ce ta raba shi.

Sadiq_08: ni firotirakta na ɗora a kan fuskar wayata na auna kusurwar, ta ba ni 34, na danna tan a kalkuleta na samu 0.67. a aji an ce mana giradiyan shi ne tan na kusurwa. to wanne ne ƙarya

Injiniya_Bash: Ba ƙarya aka koya maka ba Sadiq, sharaɗi aka manta ba a faɗa maka ba, ko kuma aka faɗa kana waje. Maganar tan tana aiki ne idan sikel ɗin kwance da na tsaye iri ɗaya ne. A nan ba haka ba ne, don haka abin da ka auna tudun zanen ne, irin 0.6 ɗin Ummi.

Kuma ka lura ko 0.6 ɗin ma ba ka samu ba. A ainihin takardar kusurwar wajen 31 za ta kasance, kai ka samu 34. Wannan bambancin daga hoton ya fito. An riƙe wayar a karkace, ba a saman takardar sosai ba. Duba da kyau, gidajen da ke kusa da yatsan sun fi na can ƙuryar dama girma, kuma layin ƙasa shi kansa ba a kwance yake ɗas ba, ya ɗan ɗaga. Duk abin da ka auna da rula ko firotirakta a kan gilashin waya, karkacewar ta shiga cikinsa.

Abin da ke ceton mu shi ne layukan giraf ɗin tare suka karkace da layin fensir. Inda layin ya ratsa mahaɗar 2 da 10 a takarda, nan zai ratsa a hoto ko ta wace kusurwa aka ɗauka. Shi ya sa in za ka sauko daga wani wuri zuwa lambar ƙasa, layin giraf za ka bi da yatsa, ko da ka ga ya gicciye. Kar ka sauko miƙe bisa gefen wayarka.

Baba_Magini: Salamu alaikum yara. Na ga ana maganar gangara na ce bari in leƙo. Mu in za mu shimfiɗa bututun masai mai inci huɗu, ɗaya cikin arba'in muke ba shi, duk tafiyar 40 a sauka 1. Da igiya da tef muke yi, ba mu san wani x ba, kuma ruwa bai taɓa kwanciya ba. Ita yarinyar nan ƙirgarta irin tamu ce, ban ga laifinta ba.

Hauwa_Zariya: Sannu Baba. Ai ku tef ɗaya kuke aunawa da shi kwance da tsaye, shi ya sa taku take fita. Ita tef biyu aka ba ta ba a sanar da ita ba.

Baba_Magini: To Allah ya kyauta. Wannan kuma mugunta ce ta masu boko.

Danbaba_Kurna: Na yarda da 3 ɗin. Amma maganar 4 har yanzu ban gamsu ba. Wane malami ne zai ce wa 'yan aji biyu su nemo intasef sannan ya ɓoye shi a wajen takarda? Ni ina ganin wanda ya zana kuskure ya yi wajen sa lambobi, yana nufin 0, 1, 2, 3 sai ya fara daga 1. Ku jira ku gani, in aka dawo da takardu 7 za a yi wa maki.

Malam_Isa_Lissafi: Danbaba, da gangan ake yi, ni ma ina yi. Ta haka ake gane wanda ya san mene ne c da wanda ya haddace "inda ya taɓa gefe". A ce ma kuskure ne, ɗaliba ba ta amsa abin da ke zuciyar malami, abin da ke rubuce take amsawa. In ta rubuta wuraren biyu da ta karanta, ta nuna lissafinta, ta nuna gwajin da ta yi, tana da hujjar da za ta tsaya a kai.

Danbaba_Kurna: Hujja daban, jan biro daban Malam. Mun sha gani.

Ummi_SS2: Na tambayi ƙawata ta duba ainihin takardar. Ta ce 1 ne a ƙarƙashin yatsan, rubuce ɓaro-ɓaro.

Danbaba_Kurna: Ai ban ce ba 1 aka rubuta ba. Cewa na yi ba shi aka yi niyya ba.

Dan_Maradi: Sallama daga Nijar. Ina bin ku tun ɗazu sai na rikice da m da c. Mu a lakwal ɗinmu y = ax + b muka koya, kuma da shi muka yi BEPC. Abu ɗaya ne ko akwai bambanci?

Malam_Isa_Lissafi: Abu ɗaya ne ɗan'uwa. a ɗinku shi ne m ɗinmu, b ɗinku shi ne c ɗinmu. Littattafan Amurka kuma y = mx + b suke rubutawa. Wanda ke manne da x shi ne giradiyan, wanda ke tsaye shi kaɗai shi ne intasef.

Dan_Maradi: Yawwa. Abu ɗaya kuma, mu waƙafi muke sa wa inda kuke sa ɗigo, 0,6 muke rubutawa. Ƙanena ya taɓa tura wa abokinsa na Katsina amsa, shi kuma ya karanta ta a matsayin lambobi biyu.

Maman_Khalifa: Don Allah tunda Malam yana kusa, ga na ɗana shi ma. Ba zan iya ɗora hoton ba, data ta yi ƙasa. Nasa layin gangarowa yake yi daga hagu zuwa dama. Ya ce ya bi ta (-1, 8) da (3, 0), kuma ya ratsa layin y a kan 6. Ya rubuta y = -4x + 3. Ni dai rabona da lissafi tun sakandare, amma 3 ɗin nan ban san daga ina ya samo ta ba.

Abba_Jos: Hajiya, 3 ɗin daga inda layin ya yanki layin kwance ya ɗauko ta. Shi ma intasef ne amma na x. Wanda ake sawa a ikweshan na y ne, wato 6. Sai ya gyara ya zama y = -4x + 6.

Hauwa_Zariya: Abba rabi ka gyara. Saka x = 3 a naka: -12 da 6, an samu -6, alhali 0 ake nema. Matsalar tana wajen ɗebewa. Daga -1 zuwa 3 tafiyar 4 ce, ba 2 ba: ɗaya kafin a iso sifili, uku bayan an wuce shi. Khalifa ya yi 3 - 1 maimakon 3 - (-1). Sauka 8 bisa tafiya 4, giradiyan -2. Amsa y = -2x + 6. A x = 3 ya ba da 0, a x = -1 ya ba da 8.

Maman_Khalifa: Allah ya yi miki albarka 'yata. Yana nan kusa da ni yana cewa wai dama ya sani.

Abba_Jos: Hahaha. Gaishe shi Hajiya.

Nafisa_Kimiyya: Ni tawa ta firaktikal ɗin fiziks ce, ban sani ba ko nan ne wurinta. Mun rataya nauyi a sifirin muna auna tsawonsa, muka sa ɗigo biyar a giraf, amma ba su hau layi ɗaya ba. Na ja layi ta tsakiyarsu kamar yadda aka ce. Da na zo neman giradiyan sai na ɗauki lamba ta farko da ta ƙarshe daga tebur ɗina, malamin ya soke. Abokiyar zamana da ta samu kusan amsata ita an ba ta maki. Me ya bambanta mu?

Malam_Isa_Lissafi: Nan ne wurinta Nafisa. Giradiyan ɗin layin aka tambaye ki, ba na ɗigo biyu ba. Da zarar kin ja layin nan, kin haɗa shaidar ɗigo biyar wuri ɗaya. In kika koma tebur kika ɗauki biyu, kin watsar da uku, kuma mai yiwuwa biyun da kika ɗauka ba sa kan layin ma. Zana babban alwatika a jikin layin, wanda ya ci fiye da rabin tsawonsa, ki karanta kusurwoyinsa daga giraf. Turo min wurare biyu daga layin naki, ba daga tebur ba.

Nafisa_Kimiyya: A giram 50 layin yana kan santimita 14.0, a giram 250 yana kan 22.0.

Malam_Isa_Lissafi: To hawa 8.0 bisa tafiya 200, wato 0.04. Kar ki bar shi tsirara, ki rubuta 0.04 cm/g, ma'ana duk giram ɗaya da aka ƙara sifirin yana miƙewa santimita 0.04. Giram 50 ke nan ya ja shi santimita 2, a cire daga 14, saura 12. In tsawo L ne nauyi kuma M, L = 0.04M + 12. Wannan 12 ɗin kina iya zuwa ki same shi a ɗakin gwaji: tsawon sifirin ne kafin a rataya masa komai. Auna shi da rula, in ya yi nisa da 12 sosai to akwai abin dubawa a karatunki. Shi ya sa a firaktikal ɗin WAEC in za a tambayi intasef, sau da yawa ake cewa a fara layukan biyu daga (0, 0), don a karanta shi kai tsaye.

Danbaba_Kurna: Kun ji ko? Daga sifili ake farawa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Hauwa_Zariya: In an ce a fara. A takardar Ummi ba a fara ba.

Injiniya_Bash: Dabara ɗaya ga masu sauri. In ka riga ka ƙirga gidaje kamar Ummi, ba sai ka zubar ba. Ninka amsar da kuɗin gidan tsaye, ka raba da kuɗin gidan kwance. 0.6 sau 0.5, a raba da 0.1, 3 ke nan.

Malam_Isa_Lissafi: Daidai ne Injiniya, amma ni ba na ba mai farawa ita. Rabin aji za su kifar da ita su ninka da 0.1 su raba da 0.5, su kawo min 0.12 suna murmushi. Gara su rubuta wuraren biyu da lambobinsu, ko ba komai mai dubawa zai ga inda suka karanta.

Injiniya_Bash: Wanda zai kifar da wannan ai zai kifar da hawa bisa tafiya ma, ya kawo maka ɗaya bisa uku. Ni ina ganin in yaro ya fahimci dalilin, gajeriyar hanya ba ta cutar da shi.

Malam_Isa_Lissafi: Ɗaya bisa ukun ma ina samu duk zango. Zo ka karɓi aji mai yara tamanin na sati biyu sannan mu sake maganar.

Sadiq_08: malam ni fa na sake zuƙowa, a saitin 5 ɗin nan 19.5 nake gani ba 19 ba

Hauwa_Zariya: Ni ma da na duba wurin ya yi dishi-dishi, ga hasken fitila ya faɗi daidai nan, takardar kuma ta ɗan lanƙwasa a gefen. Amma saitin 4 a fili yake, gida biyu sama da 15, wato 16. Da (2, 10) da (4, 16), shida bisa biyu, 3 dai.

Sadiq_08: to in 19.5 ne fa da gaske, layin ba miƙaƙƙe ba ne ke nan

Injiniya_Bash: Ko kuma takardar ce ba a miƙe take ba. Karkata waya ba ya lanƙwasa miƙaƙƙen layi, amma takardar da ta yi tudu tana lanƙwasa shi. Ummi, ki ce wa ƙawarki ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta danne gefunan, ta tsaya da wayar a samanta sosai, da rana ba da fitila ba, lambobin layukan biyu duk su fito har kusurwa. In za ta turo kuma ta zaɓi Document maimakon hoto, don kar a matse shi ƙananan layukan su narke.

Ummi_SS2: To Yaya, zan faɗa mata. Ta ce yanzu babu wuta a unguwarsu, sai da safe kafin ta fita. Ni dai na rubuta y = 3x + 4 da (2, 10) da (4, 16), tunda su ne ba wanda ya yi musu a kansu.

Danbaba_Kurna: In an dawo da takardar ki ɗora mana makin a nan. Ina nan a kan 7.

Nafisa_Kimiyya: Malam kafin ka tafi, in alwatikan nawa ya wuce ɗigon ƙarshe, wato na ƙara tsawon layin da rula na karanta a can, ya halatta ko sai a tsakanin ɗigogin?